Daga Gurbi Zuwa Tukunya: Kwasar Ƙwan Kajin Gida da Tsabtace Shi

Gabatarwa

Da wuya a shiga gida a ƙauyukan ƙasar Hausa, ko ma a unguwannin birni, ba a tarar da kaji biyar ko goma suna tono a tsakar gida ba. Ƙwan da waɗannan kaji ke sakawa yakan bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku: ko a bar wa kaza ta ƙyanƙyashe, ko a ci a gida, ko a kai wa mai shayi. Sai dai kuma wani kaso yakan lalace tun kafin ya kai ko'ina, kuma sau da yawa da hannun mai kajin ake lalata shi, a lokacin da yake ganin gyara yake yi. Babban misali shi ne wanke ƙwai da ruwan randa. A ido wannan tsabta ce, amma a ilmin halittu hanya ce ta shigar da ƙwayoyin cuta cikin ƙwan.

Dalilin haka kuwa shi ne, ƙwai yana fitowa daga jikin kaza da kariyarsa. Aikin mai kiwo shi ne ya san wannan kariya, ya kuma guji karya ta. Duk ƙa'idojin kwasar ƙwai, da tsabtace shi, da zubar da wanda ya ɓaci, daga nan suka samo asali.

Katangu uku da ke kare ƙwai

Kaza takan ɗauki sa'o'i 24 zuwa 26 kafin ta haɗa ƙwai ɗaya, kuma kusan sa'o'i 20 daga ciki wajen gina ɓawo suke tafiya. Ɓawon an yi shi ne da sinadari irin na alli, kuma kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin uku na milimita ne. Duk da cewa a ido kamar a toshe yake, yana da ƙananan ƙofofi tsakanin 7,000 zuwa 17,000, waɗanda ta cikinsu ne ɗan tsako ke samun iska idan yana girma. Ƙofar da iska ke bi kuwa, ƙwayar cuta ma tana iya bi.

Saboda haka, gab da saka ƙwan, jikin kaza yakan shafe ɓawon da wani siririn ruwa mai yauƙi, wanda masana ke kira kutikul. Wanda ya taɓa ɗaukar ƙwai da zarar kaza ta tashi daga kansa zai ji shi da ɗan danshi, amma cikin 'yan mintoci sai ya bushe. Wannan shafe da ya bushe shi ne ke toshe bakin ƙofofin, kuma shi ne katanga ta farko. Ba shi da ƙarfi sosai: ruwa da dirza suna cire shi, kuma idan ya tafi ba ya dawowa.

Katanga ta biyu ita ce tantani guda biyu da ke manne a cikin ɓawo, waɗanda ake gani idan ana ɓare dafaffen ƙwai. Saƙarsu kamar ta rariya take, suna tare abin da ya tsallake ɓawo. Katanga ta uku ita ce farin ƙwai kansa. A cikinsa akwai wani sinadari da ke fasa jikin wasu ƙwayoyin cuta, da wani da ke riƙe sinadarin ƙarfe ya hana su samunsa, alhali ba sa iya hayayyafa sai da shi. Abin da ake karewa da duk waɗannan katangu shi ne gwaiduwa, domin ita ce abinci mai maiƙo wanda idan ƙwayar cuta ta isa gare shi, cikin sa'o'i kaɗan takan yi yawan da ba ya ƙirguwa.

Akwai kuma wani abu da ke faruwa a mintocin farko. Zafin jikin kaza wajen digiri 41 ne a ma'aunin Salshiyas, kuma da wannan zafi ƙwai ke fitowa. Yayin da yake hucewa, abin da ke cikinsa yakan ɗan tsuke, sai ya zuƙo iska daga waje ta ƙofofin nan, iskar ta taru a ɓangaren da ya fi faɗi ta zama 'yar jaka. Ma'anar wannan ita ce, ƙwan da ke hucewa tsotso yake yi. Idan a kan busasshen ƙaiƙayi ya faɗo, iska zai tsotsa. Idan kuwa a kan ɗanyen kashin kaji ya faɗo, tun shafen bai bushe ba, to abin da ke cikin kashin zai tsotsa.

Tsabta daga gurbi take farawa

Tunda haka ne, hanyar da ta fi kowace sauƙi ta samun ƙwai mai tsabta ita ce a hana shi ɓaci tun farko. Kazar gida, idan ba a tanadar mata wuri ba, ita za ta zaɓi nata: ƙarƙashin rumbu, ko bayan tarin kara, ko cikin tsohuwar tukunya. Ya fi kyau a yi mata gurbi a wuri mai inuwa da ɗan duhu, mai faɗin kamar santimita 30 ta kowace fuska. Tsohon kwando, ko akwatin katako, ko fasasshiyar randa duk suna yi. Gurbi ɗaya ya ishi kaji huɗu ko biyar.

A shimfiɗa busasshen ƙaiƙayi, ko buntun shinkafa, ko ciyawa, da kaurin da ƙwai ba zai bugi ƙasa ya tsage ba. A duba shimfiɗar kullum, a cire duk inda kashi ya taɓa, a kuma canza ta gaba ɗaya da zarar ta jiƙe ko ƙwai ya fashe a ciki. Kada a bar kaji su riƙa kwana a gurbi, domin kaza takan yi kashi da yawa da dare. Tunda a ɗabi'arta tana son kwana a wuri mai tudu, idan aka gitta mata sanda a akurki wadda ta ɗara gurbin tsawo, can za ta hau. Da damina kuwa, yawancin dattin da ake gani a jikin ƙwai daga ƙafafun kaza yake, don haka zuba yashi ko tsakuwa a bakin akurki yana rage laka.

Sau nawa ake kwasa?

Mafi yawan kaji suna saka ƙwai ne da safe, cikin sa'o'i shida na farko bayan fitowar rana. Saboda haka mafi ƙanƙanta shi ne a kwasa sau biyu a rana: da hantsi, sa'an nan da la'asar don ɗaukar na waɗanda suka makara. Da bazara, wato daga Maris zuwa Mayu, ya kamata a ƙara na uku gab da azahar, domin kada ƙwai ya yini a gurbi cikin tsananin rana. Kada a bar ƙwan ci ya kwana a gurbi.

Dalilai uku suka sa haka. Na farko, duk sa'ar da ƙwai ya ƙara a gurbi, dama ce wata kaza ta taka shi, ko ta ɓata shi, ko ɓera da maciji su riga mai shi. Kazar da ta ɗanɗani fasasshen ƙwai kuwa takan koyi fasa ƙwai da kanta, sauran su koya daga gare ta, kuma raba su da wannan hali yana da wuya.

Na biyu shi ne zafi. Zafi yana tsinka farin ƙwai ya koma kamar ruwa, yana kuma raunana tantanin da ke riƙe da gwaiduwa. Idan wannan tantani ya yi rauni, abin da ke cikin gwaiduwa yakan fara tsattsafowa, sai ƙwayoyin cutar da farin ƙwai ya hana sakat su sami abinci. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, zafin rana a watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma a ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka.

Na uku ya shafi kajin gida musamman. Kajin gonar zamani ba a haɗa su da zakara, don haka ƙwansu ba ya zama tsako. Kajin gida kuwa tare da zakara suke yawo, saboda haka yawancin ƙwansu yana da rai. Kaza takan ƙyanƙyashe cikin kwana 21 a zafin wajen digiri 38, amma ba sai zafi ya kai haka halittar ke fara motsawa ba. Idan ya haura digiri 27 ya daɗe a haka, takan fara girma ko babu kaza a kai. Girman ba ya tafiya daidai, sai halittar ta mutu, ƙwan ya tashi ba tsako ba abinci.

A nan akwai matsalar da duk mai kajin gida ya sani. Kazar Hausa takan saka ƙwai kamar 10 zuwa 15 sa'an nan ta yi kwanci, kuma idan ta tarar an kwashe gurbinta tas, takan canza wuri ta ɓoye. Maganin wannan shi ne a bar mata ƙwai ɗaya a gurbi a matsayin shaida. Sai dai a zana masa alama da fensir don kada ya shiga cikin na ci, ko ma a sa dunƙulen yumɓu ko farin dutse mai siffar ƙwai a madadinsa. Idan kuma ana son ta ƙyanƙyashe, a ware ƙwan da za ta kwanta a kai, a yi wa kowane alama, duk wanda aka gani babu alama daga baya a ɗauke shi a ranar.

Wajen kwasa, a yi amfani da kwando ko kiret mai tsabta, a ware masu datti daga masu tsabta tun a bakin gurbi, a rubuta kwanan wata da fensir a jikin kowane. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu, musamman idan yara ne aka aika.

A wanke ko kada a wanke?

Ƙwan da ya fito da tsabta ba ya bukatar komai. A ajiye shi yadda yake, sai ranar da za a dafa. Wanda ya ɗan taɓa kashi ko laka, a bari dattin ya bushe, a kankare shi a hankali da busasshen tsumma mai ɗan kaushi, a daidai wurin kawai, domin gogar ma tana cin shafen. Jiƙaƙƙen tsumma shi ne mafi muni, saboda yana kwasar datti daga ƙwai ɗaya ya shafa wa sauran.

Idan datti ya yi yawa har sai an sa ruwa, to ƙa'idar ita ce ruwan ya fi ƙwan ɗumi da aƙalla digiri 11. A aikace, ruwa mai digiri 40 zuwa 45 ake nufi, wato mai ɗumi sosai amma hannu yana jure shi. A ranar da ƙwan kansa ya ɗauki zafi, a bar shi ya huce a inuwa tukuna. Dalilin shi ne tsotson nan da aka ambata a baya. A ɗauka ƙwai ya yini a akurki har zafinsa ya kai digiri 35, aka tsoma shi a ruwan randa mai digiri 25. Nan take cikinsa zai tsuke ya zuƙi ruwa, ruwan kuwa ya riga ya narkar da kashin da ke jikin ɓawo. Za a fito da ƙwai fari tas, alhali dattin da ke waje ya koma ciki. Ruwan ɗumi akasin haka yake yi: cikin ƙwan yakan ɗan kumbura ya turo iska waje. Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan a aji, ta hanyar sa ƙwai a kofin gilashi mai ruwan ɗumi. Za a ga ƙananan kumfar iska suna fitowa daga ɓawon, galibi ta ɓangaren da ya fi faɗi.

Kada a jiƙa ƙwai a kwano. A riƙe shi a hannu, a zuba masa ruwan daga buta, a cuɗa da yatsa na ɗan lokaci, a tsane shi da tsumma mai tsabta, a bar shi ya bushe sarai. Kada a sa sabulu mai ƙamshi, domin ƙamshin yana ratsa ɓawo. Abu mafi muhimmanci shi ne, wankakken ƙwai ya rasa katangarsa ta farko, saboda haka ko dai a dafa shi a ranar, ko a sa shi a firiji.

Ƙasashen duniya ma sun rabu biyu a kan wannan batu. A Amurka, manyan gonaki suna wanke ƙwai da inji da ruwan ɗumi, sa'an nan doka ta wajabta a riƙe shi a sanyin da bai wuce digiri 7 ba. A Tarayyar Turai kuwa, a mafi yawan ƙasashe an hana wanke ƙwai mai daraja ta ɗaya, ana dogara da tsabtar gurbi da shafen da ya zo da shi, kuma wa'adinsa kwana 28 ne daga ranar da aka saka shi. Kowace hanya tana aiki idan aka bi ta har ƙarshe. Abin da ba ya aiki shi ne a wanke irin na Amurka, a ajiye a waje irin na Turai. Ga gidan da ba shi da tsayayyar wutar lantarki, barin wanki shi ya fi dacewa.

Ajiya

A jera ƙwai tsininsa ƙasa, faɗinsa sama, domin jakar iska ta zauna a inda take, gwaiduwa kuma ta tsaya a tsakiya. A nemi wuri mafi sanyi a gida, alal misali kusa da gindin randa, amma kada ƙwan ya taɓa danshi. A nisanta shi da kananzir da albasa da busasshen kifi. A fara cin wanda ya riga zuwa, abin da kwanan watan da aka rubuta zai nuna. Inda babu firiji, abin da ya fi aminci shi ne kada ƙwai ya wuce mako ɗaya da bazara, ko mako biyu da hunturu. A firiji mai aiki ba yankewa yakan kai mako uku zuwa biyar.

Firijin da wuta ke yawan ɗauke masa yana da nasa haɗari. Idan ƙwai mai sanyi ya haɗu da iska mai ɗumi yakan yi gumi, kamar kwalbar lemo, kuma wannan danshi hanya ce ga ƙwayoyin cuta. Ƙwan da ya shiga firiji ya zauna can har lokacin dahuwa.

Wanda za a zubar

Hausawa kan ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma ba kowane ƙwai ya cancanci baka ba. A zubar da duk ƙwan da aka tarar a fashe ko a tsage a gurbi, domin ba a san tsawon lokacin da ya yi a buɗe ba. Wanda ya tsage a hannu wajen ɗauka, a dafa shi nan take. A zubar da wanda kashi ya lulluɓe, da wanda ruwan sama ya kwanta a kansa, da wanda ɓawonsa ke tsattsafo da ruwa ko ya yi furfura. Haka kuma bara-gurbi, wato ƙwan da kaza ta kwanta a kai bai ƙyanƙyashe ba: ya yi mako uku a zafin da ƙwayoyin cuta suka fi so.

Akwai kuma ƙwan da lafiyarsa ƙalau a ido amma bai dace a ci ba. Kazar da ake ba magani, musamman maganin kashe ƙwayoyin cuta, takan zuba wani ɓangare na maganin a ƙwanta. Kowane magani yana da kwanakin jira da ake rubutawa a jikinsa, wasu ma an hana ba kaza mai ƙwai. A bi abin da aka rubuta ko a tambayi likitan dabbobi. Idan kuma kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, kada a ci ƙwansu, kada a sayar, a kai rahoto ofishin dabbobi, domin tun shekarar 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijeriya, ta sha dawowa. Ƙwan da za a zubar a binne shi, kada a jefa wa kaji.

Misali: gurbin da aka gano a ƙarƙashin rumbu

A ɗauka wani gida yana da kaji shida da zakara ɗaya. A tsakiyar Afrilu aka gano ƙwai 11 a ƙarƙashin rumbu, inda wata kaza ta ɓoye. Kaza ba ta saka fiye da ƙwai ɗaya a rana, kuma ta gida takan tsallake wasu ranaku, don haka mafi tsufa a ciki ya kai aƙalla kwana 11, wataƙila ya haura mako biyu. Mafi sabo kuwa zai iya zama na jiya. A ido ba a iya bambance su.

Tambaya ta farko ita ce ko kazar ta fara kwanci. Idan ana tarar da ita a kai dare da rana, tana hura gashi idan an matso, to ƙwan ya tashi daga na ci, a bar mata. Idan ba ta fara ba, sai a duba ɗaya bayan ɗaya. A ce biyu sun tsage, ɗaya kashi ya rufe shi: waɗannan uku sun fita, saura takwas.

Mataki na biyu shi ne haskawa. A shiga ɗaki mai duhu, a ɗora faɗin ƙwan a bakin tocila, a rufe gefen da hannu. Sabon ƙwai yakan yi haske, jakar iskarsa ƙarama, zurfinta bai wuce rabin santimita ba. Tsohon ƙwai jakarsa babba ce, domin ruwa ya daɗe yana fita ta ƙofofin ɓawo. Idan aka ga jijiyoyin jini ko jan zobe, halitta ta fara girma. Idan aka ga duhu ko tabo, ya ruɓe. A ce biyu sun nuna jan zobe, saura shida.

Mataki na uku shi ne gwajin ruwa, wanda ba a yin sa sai an shirya dahuwa, kuma da ruwan ɗumi, tunda jiƙa ƙwai ne. Sabon ƙwai yakan nutse ya kwanta, na 'yan kwanaki ya ɗaga kai, tsoho ya tsaya a kan tsininsa, wanda ya tsufa ƙwarai ya taso sama. A ce biyu sun taso, an zubar, saura huɗu. Sai dai a lura, wannan gwaji girman jakar iska yake aunawa, wato shekarun ƙwai, ba lafiyarsa ba.

Mataki na ƙarshe, a fasa kowane shi kaɗai a ƙaramin kwano kafin a haɗa. Warin ruɓa, ko farin ƙwai da ya yi kore ko ja-ja, ko gwaiduwar da ta narke ta gauraye, duk alamun zubarwa ne. Ɗan ɗigon jini guda a kan gwaiduwa kuwa ba illa ba ne. Ƙaramar jijiya ce ta fashe a jikin kaza lokacin haɗa ƙwan. Da an riƙa kwasa kullum, da goma sha ɗayan nan duk sun shiga tukunya.

Iyakar abin da ido da hanci ke ganewa

Akwai ƙwayar cuta da ake kira Salmonela, wadda ke haddasa gudawa da amai da zazzaɓi, kuma takan yi tsanani ga ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu. Wani jinsinta yana iya zama a mahaifar kaza ba tare da kazar ta nuna ciwo ba, ya shiga ƙwai tun kafin a gina ɓawo. Irin wannan ƙwai ba ya wari, ba ya canza launi, kuma zai nutse a ruwa kamar kowane sabon ƙwai. Wanki ba ya kai gare ta, tocila ba ta nuna ta. Kwasa da wuri da ajiya a sanyi suna hana ta yawaita, amma wuta kaɗai ke kashe ta. Saboda haka, kowane ƙwai, komai tsabtarsa, a dafa shi ko a soya shi har fari da gwaiduwa su daskare, kuma kada a ba yaro ko marar lafiya ɗanyen ƙwai da sunan ƙarin ƙarfi.